Makullin Filin Takinmu

Kwana bakwai Gwaggo Nas ta ba mu. Ta tsaya a bakin ƙofar filin, gefen mayafinta a kan hanci, ta ce, "Na ba ku aron wurin nan ne don ku tsabtace unguwa, ba don ku tara min ƙudajen duniya a bayan taga ba. Ranar Asabar zan dawo. In na ji warin nan, ku ajiye min makullina."

Gaskiyarta ce. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, kuma a duk unguwar ita kaɗai ta yarda ta ba ƙungiyarmu ta matasa filin da ke bayan gidanta. In ta karɓe shi, aikin ya mutu. Ni ne shugaba, ni na roƙo filin, ni kuma na bi gida gida ina cika baki cewa za mu mai da shara taki.

Tsarin namu a takarda ba laifi. Muna karɓo shara daga gidaje arba'in da ɓangaren masu kayan miya na kasuwa, mu ware robobi da gwangwani don masu sake sarrafawa, sauran ɓawo da ruɓaɓɓun ganye mu yi taki da su. Wajen takin ne muka nuna iyawarmu. Injiniya, wanda ya samu sunan saboda ya taɓa gyara fanka sau ɗaya, shi ya ce a haƙa rami mai zurfi. Muka zuba duk wani abu mai danshi a ciki. Busasshen ganye da kwali kuwa muka ware su gefe, wai ba su da amfani. Kullum mu kwara wa ramin bokiti huɗu na ruwa, sannan mu lulluɓe shi da babbar leda, mu danne gefenta da duwatsu don kada ƙuda ya shiga. A ganinmu tsabta ke nan. Bayan mako uku, in ka ɗaga ledar sai ka ji kamar an mare ka.

Muka zauna a ƙarƙashin bishiya muna shawara. Injiniya ya ce a zuba maganin kashe ƙwari. Wani ya ce a binne ramin a huta. Sai Sakatariya ta rufe littafinta ta dube ni.

"Shugaba, ba Ummanka ce ke share kasuwa ba? Me zai hana mu tambaye ta?"

Na ce, "Shara daban, kimiyyar taki daban."

Ina faɗa na ji kunya ta kama ni, amma ban janye ba. Gaskiyar magana, a takardar aikinmu na rubuta sunayen mashawarta uku: malamin makaranta, da mai kantin magani, da wani ɗan'uwan Injiniya da ba mu taɓa gani ba. Mahaifiyata, da ta yi shekara ashirin da shida tana ɗibar shara da hannunta, ko a raina ban kawo ta ba. In na hango ta da rigar aikinta mai ruwan lemo ina tare da abokai, nakan canza hanya. Na san ta sani. Ba ta taɓa yi min maganar ba.

Da yamma na tarar da ita a tsakar gida tana wanke dogayen takalmanta na roba. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na fito da maganar. Ba ta ɗago ba.

"Kun rufe shi da leda?"

"E."

"Kuna ba shi ruwa?"

"Kullum."

"To kai in aka toshe maka hanci aka yi ta ɗura maka ruwa, ƙamshi za ka yi?"

Ta juya takalmin ta jingine shi da bango. "Ina tashi aiki ƙarfe goma sha ɗaya. Ka ce kowa ya zo da safar hannu da takalmi rufaffe. Wanda ya zo da silifa ya koma gida."

Washegari ta iso da rigar aikinta, tana turo baro, a ciki da cokalin haƙa biyu da wani dogon rodi. Ta gaisa da kowa, ta yaye ledar da hannu ɗaya. Mu muka ja da baya muna tari. Ita ko fuska ba ta yamutsa ba. Ta durƙusa ta leƙa, ta sa cokalin ta ɗago wani abu baƙi mai yauƙi.

"Hanjin kifi. Wa ya ce muku ana sawa? Wannan da nama da mai, su ke kiran ƙuda da ɓera." Ta sake tonowa. "Ga batir. Wannan guba ne, a nemo masa gwangwani shi kaɗai. Ga leda, ga fasasshiyar kwalba. Ku da kuke ware shara, haka kuke warewa?"

Injiniya ya gyara murya ya ce, "Umma, ai a bidiyon da na gani..."

"Ɗana, bidiyon yana wari?"

Dariya ta ɓarke, har shi Injiniyan. Daga nan ba wanda ya sake kawo bidiyo.

Ta raba mu uku. Wasu ta tura wajen kafinta su roƙo buhunan garin katako, ta ja musu kunne kada su karɓo na katakon da aka shafa wa fenti ko magani. Wasu ta sa su yayyaga tarin kwalin da muka raina, su ɓare salatif ɗin jikinsa. Mu kuma muka shiga kwaso abin da ke ramin. Ta hana a sake amfani da ramin, ta ce ruwa ne ke kwanciya a ƙasansa. A fili ta shimfiɗa busassun rassa don iska ta riƙa shiga ta ƙasa, sannan aka fara ɗorawa: kwando biyu na busasshe, kwando ɗaya na jiƙaƙƙe, a gauraya, a sake. Kada a taka, kada a danne.

Na daɗe ina kallon hannuwanta. Cokalin da ni nake ɗagawa sau goma in tsaya in riƙe ƙugu, ita tana juya shi kamar muciya a tukunya, ba gaggawa, ba tsayawa. Can ta damƙo gaurayen a tafinta ta matse, ta kira mu mu gani.

"In ruwa ya zubo, ya jiƙe da yawa, ku ƙara busasshe. In ya warwatse kamar gari, ku yayyafa masa ruwa. In ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, ku ƙyale shi."

Sakatariya tana rubutawa da sauri. Ta tambaye ta a ina ta koyi wannan duka. Umma ta ce a bayan kasuwa, inda take tara ganyen da ta share. Shekara da shekaru masu lambu ke zuwa ɗiba a wurinta. Ni da nake kwana gida ɗaya da ita, ranar na fara ji.

Da tulin takin ya kai ƙirjina, ta rufe samansa da busasshen ganye mai kauri, ta ɗauko rodin ta soka har tsakiya ta bar shi a ciki.

"Kullum da safe ku zaro ku taɓa. In ya yi ɗumi, tulin yana raye. In sanyi ne, akwai abin da muka rage."

Ranar farko sanyi ƙalau. Rana ta biyu ma haka, ga sauran wari yana tasowa daga tsohon ramin duk da mun cike shi da ƙasa. Na koma gida jiki a mace na ce mata abin bai yi ba. Ta ce, "Kai da ka yi wata tara kafin ka fito, kwana biyu ne ya dame ka?" Rana ta uku, Laraba, na zaro rodin na ji ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Na ƙwala ihu har sai da Gwaggo Nas ta buɗe taga. Ranar Alhamis Umma ta zo ta sa muka juya tulin, na gefe ya koma tsakiya, tururi yana tashi a fuskokinmu.

Asabar da hantsi Gwaggo Nas ta shigo. Umma tana kasuwa, Asabar ce ranar da shara ta fi yawa. Gwaggo ta sauke mayafin daga hancinta a hankali, ta zaga tulin sau biyu tana shinshinawa. Babu komai sai ƙamshin jiƙaƙƙen katako da ɗan tsami-tsami. Ta duba ƙarƙashin tagarta, ta duba gwangwanin batir, ta duba bokitin wanke hannu da sabulun da Umma ta sa muka ajiye a bakin ƙofa. Sannan ta zaro rodin ta damƙe shi. Nan take ta sake shi ya faɗi ƙasa, tana yarfa hannu saboda zafinsa.

"Wa ya yi muku wannan aikin? Kada ku ce min ku ne."

Takardar mashawarta tana aljihuna. Duk suka zubo min ido.

Na ce, "Mahaifiyata ce. Ita ke share kasuwa."

"Na san ta. Na kuma san rabon da in gan ka kana tafiya kusa da ita a titi." Ta miƙo hannu. "Kawo makullin."

Na sa hannu a aljihu. Na ciro na ba ta. Ta juya shi a tafinta, ta sake miƙo min.

"Filin yana nan, amma ba kai na ba wa ba. Ka kai mata. Yanzu, ba sai ta dawo gida ba."

Na tafi kasuwa da ƙafa, ƴan ƙungiya suna biye da ni. Na same ta a layin masu kayan miya, ta sunkuya tana tara ɓawo, jama'a suna wuce ta ba mai kallonta. Na durƙusa a gabanta na miƙa mata makullin da hannu biyu, na faɗa mata saƙon Gwaggo da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ban damu da masu kallo ba. Ban taɓa alfahari da wani mutum kamar yadda na yi da ita a lokacin ba.

Ta kalli makullin. Ta goge hannunta a jikin rigar, ta karɓa, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Idonta ya kawo ruwa, sai ta yi maza ta harare ni.

"Tashi, ka durƙusa min a kan shara."

Na miƙe. Kwandon da ta cika yana gefenta, na sunkuya na ɗora shi a kai.

"Ta ina ake bi a kai bayan kasuwar, Umma?"

"Shekara ashirin da shida ba ka sani ba," ta ce, ta saɓa tsintsiyarta a kafaɗa. "Biyo ni."

Na bi ta ta tsakiyar kasuwar, ruwan kwandon yana ɗiga min a wuya.