Wasiƙar Anti Tela

Shekara goma sha tara Anti Tela ta yi tana taka keke a shago ɗaya, har sunanta na yanka ya ɓace a layin. Sai ga shi mai ginin ya sayar da wurin, an ba su wata biyu su kwashe. Ko da ba a sayar ba ma, kasuwar ta riga ta yi sanyi. Matan da a da suke cika mata benci yanzu a waya suke zaɓar riga ɗinkakkiya, a kawo musu har ƙofar gida. Ga 'ya'ya biyu a makaranta, ga miji da ciwon baya ya zaunar. Tana bukatar aiki mai albashi, kuma ba ta ɓoye wa kowa cewa tsoro take ji ba.

A wayarta ta ga sanarwar. Wani kamfani mai sayar da firij da fanka da injin wanki yana neman ma'aikacin sashen kula da kwastomomi: amsa waya, karɓar koke, rubuta shi a kwamfuta, bin sawunsa har a gyara. A kawo takardar tarihin aiki da wasiƙar neman aiki shafi ɗaya, kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis. Layin ƙarshe ne ya tsaya mata a wuya: an fi son wanda ya yi shekara biyu a irin wannan aiki. Ita ko kwana biyu ba ta taɓa yi ba.

Ta kai maganar wurin Yaya, babban wansu. Shekara talatin ya yi yana akawu a ofishin karɓar wasiƙu kafin ya yi ritaya, kuma har yau ko takardar wutar lantarki aka kawo gidansa sai ya rubuta mata ranar da ta iso. A danginsu in dai maganar takarda ce, in Yaya ya yi magana an gama.

Ya gyara tabarau, ya cika shafi. Wasiƙarsa ta fara da cewa mai rubutun tana durƙusawa cikin ladabi da ƙanƙan da kai a gaban kamfani mai albarka. Ta ce ita mai gaskiya ce, mai haƙuri, mai aiki tuƙuru, mai biyayya ga na gaba. Ta rufe da roƙon a dube ta da idon rahama.

Anti Tela ta karanta ta ɗago. “Yaya, ina ɗinkin? Ban ga an ambace shi ba.”

“Da gangan na cire. Na sa ‘harkar kasuwanci’. Ke, wa zai ɗauki tela ya ba shi amanar alkawari? Ku da kullum gobe, kullum jibi?”

“Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.”

“Su ba su san haka ba. Kuma kada ki kuskura ki ce ba ki taɓa aikin ba. Mai neman aiki ba ya tona wa kansa asiri.”

Ta yi godiya, amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Matar da ke cikin wasiƙar nan ba ta san ta ba, kuma da ita ce mai ɗaukar aiki, ba ta ga dalilin da zai sa ta kira ta ba.

Washegari da hantsi shago ba kowa. Ta ture almakashi gefe, ta buɗe bayan littafin awo, ta ajiye sanarwar kusa da ita. Duk abin da suka ce suna so, sai ta tambayi kanta ko ta taɓa yin mai kama da shi, ta rubuta amsar. Ta soke, ta sake, har aka samu shafi ɗaya. Ga tsakiyarta:

“Ban taɓa aiki a sashen kula da kwastomomi ba. Tela ce ni, shekara goma sha tara. A shagona ni ce mai amsa waya, ni ce mai karɓar koke, kuma ni ake yi wa faɗa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na karanta awon wata mata ba daidai ba, na yanka mata leshi mai tsada ya gaza. Ban jira ta zo ta gani ba. A ranar na kira ta na faɗa mata, na ba ta zaɓi biyu, ta zaɓi in sayo wani, na gama kwana biyu kafin ranar da take bukata. Har yau ni nake mata ɗinki. Tun daga ranar ba na sa almakashi sai na maimaita wa mai kaya abin da ta ce, ta amsa da bakinta. Ina iya rubutu a kwamfuta, amma ba ni da sauri, kuma ban san manhajar da kuke shigar da koke ba. Zan koya.”

Ta kai shagon kwamfuta aka buga duka biyun, tata da ta Yaya, ta sa hannu a kowace. Da Yaya ya ji abin da ke cikin tata, bai ma yarda ya karɓa ba.

“Ki ce musu kin lalata kayan mutane? Ki ce ba ki da sauri? Ƙanwata, aiki kike nema ko tuba kike yi?”

Ranar Alhamis ta zo daidai da ranar da mai mota zai kwashe kekunanta. Yaya ya ce kamfanin a kan hanyarsa yake, shi zai kai wasiƙar. Ta tsaya da takardu biyu a hannu, tana jin ma'aikata suna jan teburin yanka a ƙasa. Yaya ne ya riƙe su bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya saya mata keken farko. Ba za ta iya kallon idonsa ta ce tata ta fi tasa ba. Ta sa tasa a ambulan tare da tarihin aikin, ta bar tata a cikin fayil, ta miƙa masa duka don kada ambulan ɗin ya lanƙwashe. Bayan ya tafi ta zauna kan bencin da ya rage, ta ji haushin kanta sosai.

Kwana tara shiru. A na goma aka kira ta, aka ce ta zo intabiyu ranar Talata da ƙarfe goma. Ta yi murna, sai kuma gabanta ya faɗi. In an tambaye ta wace harkar kasuwanci ce, me za ta ce?

Ofishin yana hawa na biyu, saman ɗakin da aka jera firij. Ta wuce wani dogon ɗaki inda mutum shida suke zaune da abin sauraro a kunne, kowa yana ba wani haƙuri. A ƙaramin ɗaki ta tarar da shugabar sashen, wata siririyar mata mai saurin magana, da wani mutum daga ofishin ɗaukar ma'aikata.

“Wasiƙa tamanin da wani abu muka samu,” in ji shugabar. “Kusan kowa mai gaskiya ne, mai haƙuri, mai aiki tuƙuru. Ke kaɗai kika yanka leshi ya gaza.”

Anti Tela ta dubi takardar da ke gaban matar. Tata ce. An ja layi da jan biro a ƙarƙashin wurin da ta ce ba ta jira matar ta zo ta gani ba. Amma ba nan ne wurin tambayar yadda aka yi ba.

“Faɗa da baki ba wuya,” shugabar ta ci gaba. “Bari mu gwada. Ni kwastoma ce, ke kin ɗauki waya.” Nan take ta sauya murya. “Wane irin kamfani ne wannan? Wata huɗu da sayen firij ya daina sanyi, na kira ranar Litinin an ce za a turo mai gyara, har yau ban ga ƙeyar kowa ba! Nama ya lalace min!”

Hannun Anti Tela ya riga tunaninta. Ta zaro littafin awo daga jaka, ta bari matar ta zazzage duka ba ta katse ta ba.

“Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe, an ɓata miki. Bari in maimaita, ki gyara min in na yi kuskure. Firij ne, wata huɗu da saye, ba ya sanyi. Kin kira Litinin, an yi miki alkawari, ba a zo ba. Haka ne?”

“Haka ne.”

“Rasit da takardar garanti suna kusa? Kuma da kika kira, an ba ki wata lamba?”

“Ni ba lamba nake so ba! Ki ce min gobe za a zo!”

“Ba zan ce miki gobe ba, don ba ni nake tura masu gyara ba, kuma an riga an yi miki gobe ɗaya. Zan tambaye su yanzu. Kafin ƙarfe biyu zan kira ki da ranar da suka bayar, ko da amsar ba mai daɗi ba ce.”

Mutumin ofishin ɗaukar ma'aikata ya yi dariya. “Yau na ga telan da ta ƙi cewa gobe.”

Gwajin kwamfuta bai yi kyau ba, kuma shugabar ba ta ɓoye mata ba. Ta ce za a ba ta horo na sati biyu, sannan gwaji na wata uku. In saurin rubutunta bai ƙaru ba, ba za su riƙe ta ba. Anti Tela ta ce ta yarda.

Daga can gidan Yaya ta wuce. Ta same shi a tsakar gida yana jera tsofaffin takardu, bai ɗago ba.

“Yaya, wace wasiƙa ka kai?”

“Akawu ba ya kai ambulan bai duba abin da ke ciki ba,” ya ce. “A mota na buɗe. Na karanta tawa, na ga taki a fayil, na ce bari in ga shirmen da kika rubuta. Sai da na wuce inda zan sauka.” Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. “Shekara talatin ina karɓar irin tawa. Dubbai. Ina zaune a motar nan na yi na yi in tuna mutum ɗaya daga cikin masu su, na kasa.”

Idonta ya kawo ruwa. Ta san faɗin haka bai zo masa da sauƙi ba.

“To, sun ɗauke ki ko kuwa na yi asarar kuɗin mota?”

“Gwajin wata uku.”

Ya gyaɗa kai. Ya jawo wata takarda daga ƙasan tarin, tasa wasiƙar ce, ya miƙa mata ta baya inda ba rubutu.

“Ungo. Kin ce ba ki da sauri. Akwai tsohuwar kwamfuta a ɗaki, ki zo kullum da yamma in riƙa yi miki shifta. Rubuta ranar da za ki fara, kuma kada ki ce min gobe.”

Ta karɓi biron ta rubuta: yau.