Hoton Biza

Bayan magariba, a tsakar gidansu da ke Yalwawa, Kubura ta baza takardunta kan tabarma. Gobe da safe za ta Kano ganawar bizar karatu, karonta na farko.

"Lissafo su in ji," in ji mahaifiyarta.

"Fasfo, takardar alƙawarin ganawa, takardar samun gurbi, shaidar kammala sakandare ta asali, bayanin bankin Kawu mai ɗaukar nauyina. Saura hotuna biyu, Inna."

Inna ta miƙo su tana murmushi. "Na zaɓo miki na Sallar bara. Kin fi kyau a nan."

"Wayyo Inna! Bayansa shuɗi ne, ga mayafi ya rufe goshina. Sabo suke so, mai farin bango, fuska duk a buɗe. Da wannan tun daga ƙofa za su maido ni."

"Su kuma ba su san kyau ba?"

Aka kira maƙwabcinsu Gwadabe mai hoto. Ya ce zai wanke a daren, amma farin ƙyallensa na bango yana can shago. Inna ta ciro farin zanen gadonta daga akwati, ta tsaya bayan 'yarta, ta ɗaga shi da hannu biyu.

"Ja mayafin baya, 'yar nan. Hannuna ya fara gajiya."