Laftof ɗin da murfinta ba ya rufuwa

"Umma, abokin Baffa ɓarawo ne?"

A gaban Baffan nata 'yata ta yi tambayar, yana zaune bakin kujera yana nuna min hoton laftof a wayarsa. Na daka mata tsawa, amma laifina ne, ta ji ina gunaguni da safe. Ƙanin mijina ya yi dariyar yaƙe, ya ce mutumin ma ba abokinsa ba ne, a shafin saye da sayarwa na intanet ya gan shi, yana wani gari mai nisa. Wannan ya ƙara min rashin natsuwa.

Sana'ata buga takardun ɗalibai a gida. Tsohuwar kwamfutata maɓallai uku sun mutu, ga aiki a hannu, kuma idan na saya na yi kuskure ba ni da halin sake sayen wata. Sharaɗina kibod mai laushi, mai fitila a ƙasan maɓallai, don ɗakinmu ba ya samun haske sosai, sai kuma tacfad mai lafiya, ɗan filin nan da ake jan yatsa a kai.

Hoton ya yi kyau fiye da kima: fari tas a baya, babu ƙura, babu teburi. Na ce wannan na kamfani ne, ina son na ainihin wadda za a aiko min. Samfuri ɗaya kan fito iri biyu, mai fitila da marar fitila, lambar samfurin kaɗai ba ta isa shaida ba.

"Matar Yaya, kwamfuta za ki saya ko surukuta kike nema?"

"Ko matarka ai sai na bincika, maigida ƙarami, balle abin da nake ci da shi."

Na sa ya rubuta wa mai sayarwar ya ɗauko bidiyo: ya buɗe shafin rubutu, ya danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya, ya rage hasken ɗaki ya kunna fitilar. Sai da ya ja mana rai, wai shi babban ɗan kasuwa ne, sannan ya turo.

Fitila ta kama, ba ƙarya. Sai dai hasken ta gefen maɓallai yake fita, haruffan kansu duhu. A kibod mai fitila, ta cikin harafin haske ke ratsowa. Da na ƙara girman hoton sai ga bakin wata sitika ya ɗan ɗago. An lilliƙa sababbin haruffa a kan na asali. Ga maɓallin Enta dogo a tsaye, ga maɓallin Shif na hagu guntu da wani ƙarin maɓalli a gefensa, ni kuwa hannuna ya saba da Enta a kwance da Shif mai tsawo. Tsarin wata ƙasa ne aka yi wa kwalliya.

Ƙanin mijina ya ce ai ana sauya tsarin haruffa daga cikin kwamfutar, kuma ni ba na kallon kibod in ina bugu. Gaskiyarsa, har na fara saukowa. Ɗan yatsana zai yi ta tuntuɓe a Shif ɗin, amma zai saba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, duk tsawon bidiyon da maus na waje mai sayarwar yake aiki, bai taɓa tacfad ba ko sau ɗaya. Na ce ya danna min kusurwoyinsa na ƙasa in ji ƙararsu. Ya amsa wai yana da ɗan tauri saboda ba a cika amfani da shi ba, kuma akwai mai jiran kayan, mu tura kuɗi yanzu. Na ce to ya rufe murfin, ya ɗauko ta daga gefe.

Ina jin bai san abin da nake nema ba, don nan take ya turo. Murfin bai zauna ba, akwai rata a gaba, tacfad ya yi tudu sama da jikin kwamfutar. Batir yana ƙarƙashinsa, in ya kumbura shi yake turowa sama har ya daina dannuwa, kuma irin wannan batir yana iya kama wuta. Na dubi autana yana rarrafe a ƙasan teburin aikina, yana jan waya.

Na ce ba na so. Mai sayarwar ya rage farashi, ya ce zai haɗa min da maus kyauta, daga baya ya toshe lambarmu. Ƙanin mijina ya tashi yana cewa ya ɓata ranarsa a banza. Washegari dai shi ya kawo min kibod na waje, na jona wa tsohuwar na ci gaba da bugu.

Don Allah, in za ku sayi laftof daga nesa, kada ku tura ko sisi sai kun ga kowane maɓalli ya yi rubutu, haske ya fito ta cikin haruffa, an danna tacfad kun ji, an rufe murfi ya zauna daram. Wanda ya ƙi nuna muku, ku ƙyale masa kayansa, musamman in akwai yara a ɗakin.