Hannun da ke ja hagu

Tun da ɓarin jikin maigidana ya taɓu, kalmar hannu ta zama abin kaffa-kaffa a gidanmu. Hannu dai nasa na hagu, wanda ya yi shekaru yana riƙe sitiyarin tirela. Hannu kuma abin buga gem ɗin da ƙanena ya bar mana da zai koma makaranta, shi ma haka ake kiransa. Likitan gashin jiki ne ya ce maigida ya riƙa wasa da shi, wai zai motsa yatsu. Mutumin da a da ko kallon gem ba ya yi sai ga shi ya wuni a falo yana tuƙa mota a talabijin, ƙafa a kan matashi, fuska a murtuke kamar wanda ya ɗauko kayan mutane.

Matsalar ita ce motar kullum hagu take ja. Ya miƙe hanya, sai ta fara zamewa a hankali har ta goga ƙarfen gefen titi.

"Kin gani ko?" Sai ya ɗage babban yatsansa daga kan analog, ɗan maɓallin nan mai juyawa da ake murɗa sitiyari da shi. Motar ta ci gaba da karkata ita kaɗai. "Ban taɓa komai ba. Hannun ne ya lalace, ba ni ba."

Kuma gaskiyarsa. Na gani da idona.

Sai dai mai tirelar ya fara kiran waya. Mutumin kirki ne, ya ba wani riƙon motar kafin maigida ya warke, amma riƙo yana da iyaka. Yana son jin magana ɗaya, maigida zai dawo ko ya sallama wa wancan mukulli. Maigida ya ce masa ya warke sarai. Ni da nake ɓalla masa maɓallin riga duk safiya sai na shiga kicin na daɗe ina wanke kofin da ba shi da datti.

Washegari ya miƙo mini hannun a leda. "Ki kai a gyara, ko ki sayo sabo. In motar nan ta miƙe, zan kira shi in ce ina nan tafe."

Shagon gyaran yana bayan layin masu sayar da waya, ɗan ƙuƙut ne, warin dalma ya cika shi. Hannayen gem a rataye a ƙusa, wasu a farke, hanjinsu a waje. Na gaji da tafiya, na gaji da komai ma, don haka na ce wa mai gyaran ya ba ni sabo kawai in wuce.

"Anti, wane gem ne a gidan?"

Na nuna masa hoto a waya. Ya girgiza kai. Ya ɗauko wani fari mai kyau ya ce wannan na sabon gem ɗin kamfanin ne, tsohon namu bai san shi ba, ko an jona ba zai amsa ba. Ya ɗauko wani baƙi, ya ce wannan na wani kamfanin ne daban, shi ma ba ruwansa da namu.

"Da a kwamfuta yake bugawa, duka biyun za su yi. Kwamfuta ba ta da ƙyashi. Gem kuwa kowa ɗan gidansu ya sani."

"To irin namun fa?"

"Akwai a kasuwa, amma jabu ya fi yawa. Wani daga kwali ma yana ja."

Na juya baƙin a hannuna. Analog ɗinsa na hagu a sama yake, ba a ƙasa kusa da tsakiya kamar namu ba. Ko da zai yi aiki, ban ga yadda yatsan maigida zai koyi sabon wuri ba, bayan wahalar da ya sha kafin ya saba da tsohon. Na ajiye masa abinsa.

Ya jona namu a kwamfutarsa da waya. Da'ira ta fito, da ɗigo a cikinta. Ya ce ɗigon a tsakiya ya kamata ya tsaya in ba a taɓa komai ba. Namu yana gefen hagu yana ɓari. Ya yi mini bayanin cewa a ƙarƙashin analog akwai wata 'yar hanya ta baƙin gawayi da wani ɗan ƙarfe ke gogawa, ta nan gem ke sanin inda aka juya. Yau da gobe hanyar takan cinye. In datti ne kawai, sifirit yana wankewa, amma namu ya wuce nan, ko an wanke zai dawo. Sai dai a narke dalma a cire na'urar gaba ɗaya a sa wata, mai maganaɗisu, wadda ba abin da ke gogar wani a cikinta.

Na zauna a benci ya yi aikinsa. Ya gama, ya saita ta a kwamfuta, ɗigon ya tsaya cak a tsakiya. Maimakon in ji daɗi sai gabana ya faɗi.

"Mai shi yatsansa yana ɗan rawa," na ce, ban san ma zan faɗa ba.

"Wannan mai sauƙi ne, Anti. In gem ɗin mota ne, duba cikin saitin, yawanci akwai inda ake faɗaɗa tsakiyar. Ƙaramin motsi gem ba zai ji ba, sai an tura sosai. Ko yatsa na rawa, mota za ta miƙe." Ya nuna mini wurin a nasa gem ɗin, abu na minti ɗaya.

Duk hanyar gida da wannan nake tafe. Zan iya shiga saitin yana banɗaki. Zai ga mota ta miƙe, ya yi dariyar da na manta kalarta, ya ɗauki waya. Wallahi na so in ga dariyar nan. Amma tirela ba ta da saitin da ake faɗaɗawa, kuma a gefen titin gaske mutane ne ke tafiya.

Na same shi ya yi wanka ya sa rigar fita, har da agogo. Na ba shi hannun, na zauna a hannun kujera. Ban taɓa saitin ba.

Ya tayar da mota. Farkon hanya lafiya lau, har ya waigo ya kalle ni. Da aka ɗan jima yatsan ya gaji, sai ta fara zamewa, a hankali, hagu. Ya dawo da ita. Ta sake. Ya yi tsaki, ya ɗage babban yatsan kamar yadda ya saba, bakinsa har ya buɗe zai ce kin gani ko.

Motar ta miƙe samɓal a tsakiyar titi.

Ya mayar da yatsan, ta karkata. Ya ɗage, ta miƙe. Ya sake gwadawa, ni kuma na mayar da idona kan labule, don ba zan iya kallon fuskarsa ba. Tausayinsa ya cika ni, ga wani sauƙi da na ji a ƙasan raina wanda na ji kunyarsa.

"Mai gyaran nan ya iya aiki," ya ce daga ƙarshe.

"Ya iya."

Ya ajiye abin a kan tebur, ya ɗora hagunsa a cinya yana kallo. Can ya ce, "Hannun ne." Ban tambaye shi wanne ba.

Ya nemi cire agogon da kansa, maɗaurin ya ƙi, ya miƙo mini wuyan hannun na kwance masa.

"Miƙo mini waya," ya ce. "Yaron da ke riƙe da motar yana da iyali, gara a sallama masa mukullin ya san matsayinsa."