Maganin Da Ba A Sha

Matakala goma sha bakwai ne daga shagon Mai Agogo zuwa ɗakinsa na sama, kuma 'yarsa ta san adadinsu ne domin a makon nan ta ƙirga su tana biye da shi. A ta shida ya tsaya, wai yana duba wani ƙusa da ya fito. A ta goma sha ɗaya ma ya sake tsayawa, nan kuwa babu ƙusa, sai ya tambaye ta ko ita ce ta gaji.

"Na gaji mana, Baba. Mu biyu ne a jikin nan. Kai fa, da wa kake tafe?"

Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace ta. Ƙirjinsa na wani siririn fito kamar buta ta fara tafasa.

Malamar firamare ce, cikinta wata bakwai, kuma ita kaɗai ce mace a 'ya'yansa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata, ita kuma ta riƙe muƙamin da gaske tun rasuwar mamarsu. Gobe Talata ce ranar ganin likitansa na asma, gobe kuma 'yan ajinta ke fara jarrabawa, ba halin ta bi shi. Yayanta direba ne zai kai shi, mutumin kirki, amma in ka aike shi da magana uku, ɗaya zai kai, ita ma a karkace. Baban kuwa an san halinsa. Ko a kan gadon asibiti aka ce "Ya jiki?" zai ce "Da sauƙi." Shekara ashirin yana faɗa wa likitoci da sauƙi, su kuma suna rubutawa.

Shi ya sa da la'asar ta yage takarda daga littafin darasi, ta ture agogunan da ke kan teburinsa gefe, ta ce ya kawo mata duk magungunansa. Ya kawo su a cikin tsohon gwangwanin biskit, ya zauna yana kallonta kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

Ta rubuta:

*Zuwa ga Likita. Bayan gaisuwa, ni 'yar majinyacinki ce, mai gyaran agogo. Zai ce miki da sauƙi. Don Allah ki karanta wannan tukuna.*

*Shekarunsa sittin da takwas, yana da asma tun yana saurayi, bai taɓa shan taba ba. Kimanin mako shida ke nan numfashinsa ya fara canzawa. Da yana hawa benensa a tashi ɗaya, yanzu sai ya huta sau biyu. Tari na tada shi daga barci dare uku ko huɗu a mako, busasshe, babu jini, babu zazzaɓi. Ƙafafunsa ba su kumbura ba, na danna na duba. Bai rame ba. Ba ya ciwon ƙirji, sai dai ya ce kamar an ɗaure shi da igiya.*

*Magungunansa: inhela ruwan ƙasa, beclometasone, shaƙa biyu safe, biyu yamma, ba ya fashi. Inhela shuɗi, salbutamol, da sai ya yi mako bai taɓa shi ba, yanzu sau biyar ko shida a rana, kuma ya ce ba ya buɗe masa ƙirji kamar da. Ƙwayar hawan jini, amlodipine 5mg, ɗaya da safe, shekara huɗu ke nan ba a canza ta ba.*

"Kawo hannunka."

"Ke za ki ƙirga wa mai agogo daƙiƙa?" Ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ya zuba wa agogon bango ido. Minti ya cika. "Hamsin da biyu."

"Da nawa yake yi?"

"Saba'in da wani abu. Ya zama kamar agogon maƙwabcinmu tela, kullum a baya."

Ta rubuta wannan ma, ban da telan. Sannan ta ɗago.

"Baba, shi ke nan abin da kake sha? Ba na gargajiya, ba na kemis, ba wanda wani abokinka ya ba ka?"

"Wallahi shi ke nan abin da nake sha, da abin da nake shaƙa."

Mutum ne da ba ya rantsuwa a kan ƙarya, don haka ta sa hannu, ta ninke takardar. Amma ranta bai kwanta ba. Ta san asma, tun tana ƙarama take ganinta a gidan. Ƙura ta sani, sanyi ta sani, turaren wuta da mamarsu ta haƙura da shi saboda shi. A mako shidan nan babu ko ɗaya da ya ƙaru a gidan, ga mutum yana ƙarewa a gabanta. Tsoro take ji, tsoron kada ta haihu ba ya nan.

Washegari ta biyo da sassafe don ta damƙa wa yayanta takardar hannu da hannu. Ta tarar da ƙofar shago a buɗe rabi. Baban na zaune a kujerar aikinsa, kai a ɗage, yana riƙe da wata 'yar kwalba sama da idonsa. Hannun na rawa, rawar da yawan shaƙar shuɗin inhela ke sa shi. Ɗigo ya sauka a kumatu, na biyu a gemu.

"Wannan fa?"

Ya yi saurin jefa kwalbar a aljihun tebur, cikin kwalaben man agogo, inda da ma take ɓuya. Ta miƙa hannu. Ya daɗe kafin ya ba ta.

Timolol, ɗigo ɗaya a kowane ido, safe da yamma. Kwanan watan da ke jikin takardar kwalbar ya kai mako bakwai.

"Jiya ka rantse min."

"Kin ce abin da nake sha. Wannan ba sha ake yi ba, ɗigawa ake yi."

"Baba."

"To ƙarya na yi? Ido baki ne?"

A hankali maganar ta fito, yana tsayawa yana jan iska. Ya lura gefen ganinsa na rufewa, ya je asibitin ido shi kaɗai. Suka auna, suka ce hawan jinin ido ne, in ba ya ɗiga magani kullum zai makance, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Sun tambaye shi ko yana da wata cuta. Ya ce lafiyarsa ƙalau.

"Ba ka ce musu kana da asma ba?"

"Ido na kai musu, ba ƙirji ba."

Ta zauna a bencin masu jiran gyara. Ita ba likita ba ce, ba ta san ko ɗigon ido na iya kai wa huhu ba. Mako bakwai da mako shida dai ta san lissafinsu. Ta zaro takardar daga jaka, ta warware.

"Kada ki rubuta, Uwata."

Yadda ya faɗa ne ya sa ta ɗago. Ba musu a muryar, roƙo ne.

"Ka sani ke nan."

"Ni da nake zaune da agogo? In na ɗiga, kafin awa ta cika igiyar ta ɗaure." Ya shafa gemunsa inda ɗigon ya jiƙa. "In kin rubuta za su karɓe. In sun karɓe, duhu ne. Numfashi ko kaɗan ne ina lallaɓawa da shi. Saura wata biyu fa. Ina so in ga fuskar abin da za ki haifa, ba a ba ni labari ba."

Haushi da tausayi suka taso mata tare, ta rasa wanda za ta fara da shi. Ta so ta ce masa makaho na ɗaukar jika, gawa ba ta ɗauka, amma ba a faɗa wa uba haka. Ta dafa gwiwarsa.

"Zan rubuta, Baba. Amma har da abin da ka faɗa yanzu zan rubuta."

A ƙasan sa hannunta ta ƙara layi huɗu, ta naɗe kwalbar a cikin takardar, ta ɗaure da roba. Da yayan ya iso ta ce masa kada ya yi bayanin komai, ya miƙa kawai. Ya ce wannan aiken zai iya.

Ranar ta raba takardun jarrabawa, ta tsawata wa masu leƙe, ba ta san me take yi ba. Ana tashi tara wayarta ta yi ƙara. Likitar ce da kanta, mace mai magana da sauri.

"Ke ce mai wasiƙa? Babanki ya ce min da sauƙi, kamar yadda kika ce. Na saurari ƙirjin, ba sauƙi a ciki. Mun sa masa tururin magani, zai sha wasu ƙwayoyi na kwana biyar. Amma layukan ƙasan nan su ne maganar. Ɗigon nan yana bi ta hanci ya shiga jini. Ga mai asma yana matse hanyar iska, ya rage bugun zuciya, ya hana shuɗin inhela aiki. Daga yau ya daina shi."

"To idon fa, Likita?"

"Na karanta har ƙarshe. Na kira likitan ido, yayanki zai wuce da shi can yanzu da takardata. Akwai wani ɗigon da ba ruwansa da ƙirji, sau ɗaya da yamma. Ba wanda zai ce ya zaɓa tsakanin ido da numfashi. Na ma karanta masa layinki na ƙarshe, da ƙarfi, don ya ji."

Ta jingina da bangon aji ta yi kukanta gajere, ta share fuska kafin a kaɗa ƙararrawa.

Layin dai cewa ya yi: *Yana tsoron a raba shi da ganinsa kafin ya ga jikansa, ni kuma ina tsoron a raba ni da shi, don Allah ki duba mana duka biyun.* Baban bai taɓa tada maganar ba. Sai dai daga ranar sabuwar kwalbar ta koma gwangwanin biskit, har da man zafi na gwiwa da bai taɓa ambata ba, wai kada a sake kama shi da laifin kalma.

Bayan mako uku ta zo da yamma ɗiga masa maganin, don ta ce ba ta yarda da saitinsa ba, ko da yake hannun ya daina rawa. Ya rufe shago suka kama matakala, shi a gaba. A ta shida ta tsaya. A ta goma sha ɗaya ta sake tsayawa, hannu a ƙugu, tana haki. Da ta ɗaga kai sai ta gan shi can sama, ya riga ya kai, yana leƙo ta.

"Ya jiki, Uwata?"

"Da sauƙi."

"Haka kowa ke cewa," in ji shi. Ya sauko matakala shidan da ke tsakaninsu, ya karɓi jakarta, ya ba ta hannu.