Kuɗin Makarantar Auta

Kwana tara ke nan da wani tsoho ya tura kuɗin makarantar 'yarsa ƙasar waje ta bankinmu, jami'ar kuma ta ce ba ta gani ba. Gobe za a rufe rajista.

"'Yata, a bi mini sawun kuɗin nan," ya ce, yana murza hularsa a gaban teburina.

"Baba, bari mu duba takardar SWIFT, wato ta tura kuɗin, tukuna. In kuskuren daga nan yake, bin sawu ɓata lokaci ne."

Na bi ta layi-layi. Sunan jami'ar daidai, lambar asusun ma daidai. A wurin caji an zaɓi SHA, wato bankunan kan hanya na iya yankar nasu daga cikin kuɗin, alhali jami'ar cikakke take so. OUR ya kamata a sa, mai turawa ya ɗauki cajin duka. Sai na zo layin bayani, inda ake sa lambar ɗaliba. Abin da ke wurin shi ne: kuɗin makarantar Auta.

Raina ya ɓaci. Abokin aikina ne ya cike masa fom ɗin, ya rubuta abin da ya ji, ko tambaya bai yi ba.

"Baba, wataƙila kuɗin sun isa, amma da giɓi, kuma ba su san ko na wace ɗaliba ne ba. Zan aika saƙon gyara yanzu, sai dai amsa takan ɗauki kwanaki."

Ya daɗe yana kallon takardar da ba ya iya karantawa.

"To ai Auta ce," ya ce a hankali. "Kowa ya san ta."