Kwanakin Ɗakin Baya

A shagon wanki da gugar da nake aiki muna da wata ƙa'ida da Anti, mai shagon, take alfahari da ita. Duk wadda al'adarta ta zo sai ta raɗa mata, a ɗauke ta daga kanta, wato teburin karɓar kaya, a kai ta ɗakin baya. Can akwai kujera mai matashi, aikin kuma ninke tawul ne da zanin gado, ba kwastoma, ba tsayuwa. Anti kan ce ita ma mace ce, ta san ciwon mara. Tsakani da Allah tana da kirki, kuma sauran 'yan matan suna sa mata albarka.

Ni dai kujerar nan ba ta taɓa yi mini amfani ba. Ranar da jini ya zo mini, ranar nake fara dawowa mutum. Kafin kwana biyu kaina ya washe, ina ninke tawul ina waƙa, har Doguwa, wadda muke tsayawa kanta tare, takan leƙo ta ce, "Ke kam hutun banza kike ci." Satin da ke gabanin zuwan jinin shi ne bala'ina, kuma a satin nan ina gaba, ina karɓar kayan mutane ina yaƙe haƙora.

Ban san yadda zan kwatanta shi ba. Sai in tashi da safe in ji komai ya yi mini nauyi, har buɗe famfo. Ƙarar injin wanki da na saba da ita ta koma tana shiga mini har cikin haƙori. Doguwa ta ce "miƙo min hanga," ni kuma in ji raini a ciki, in wuni ina juya maganar. In yi kuka a bayi, in wanke fuska, in fito in yi faɗa. Da yamma in koma gida in daka wa 'yata tsawa don ta zubar da ruwa, daga baya in zauna ina kallonta tana cin abinci a tsorace, in tsani kaina.

Ranar da abin ya fashe, wani mutum ne ya zo karɓar kwat ɗinsa ya ce maɓalli ɗaya ya ɓata. A rasit an rubuta cewa haka ya kawo ta. A ranar da nake lafiya da dariya za mu rabu, domin ba yabon kai ba, ba wanda ya kai ni iya lallashin kwastoma a shagon nan. Amma ya ce, "Ku dai ba ku san aikinku ba," sai idona ya rufe. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na wurga kwat ɗin kan kanta, hanga ta faɗi ƙasa, mutanen da ke layi suka yi cirko-cirko.

Anti ta ba shi haƙuri, ta raka shi har bakin ƙofa, sannan ta kira ni wurin dutsen guga inda tururi ke rufe magana.

"Wannan ne karo na uku," ta ce. "Ba na son korar mai 'ya, amma in kika ƙara, ki ajiye min rigar aiki. Kin ji ni?"

"Anti, wallahi idan al'adata ta kusa ne..."

"Wa ba ta yi? Ni da kike gani ƙirjina ciwo yake, cikina ya kumbura, zoben nan ba ya fita. Haushin kowa nake ji. Kin taɓa ganin na jefi kwastoma?"

Doguwa, da ba a sa da ita ba, ta ce daga can, "Ni ma haka, Anti. In yi ta ci kamar gara, mijina ya yi tari in ji kamar in shaƙe shi. Sai in sha shayi in kwanta, shi ke nan."

 Gaskiya suka faɗa, duka suna yi, kuma duka suna zuwa aiki su tashi lafiya. Na tafi gida da tunanin cewa tunda abu ɗaya ne, to ni ce dai mai mugun hali. Bayan 'yan kwanaki jini ya zo, aka kai ni kan kujera mai matashi, na zauna garau ina jin kunyar abin da na yi.

A garau ɗin nan na je asibiti, domin na san in na jira satin ya dawo ba zan iya ko sa takalmi ba. Likitar mace ce mai furfura a goshi, da alama ita ma ta gaji. Na fara da ciwon ƙirji da kumburi, tana gyaɗa kai kawai. Da na zo kan kwat ɗin sai ta ajiye biro.

"A kwanakin nan, kina iya yin aikinki?"

"Ana shirin korata."

"A gida fa?"

"'Yata tana gudu na."

"Kin taɓa jin gara a ce ba kya duniya?"

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma ta yi tambayar kamar tana tambayar ciwon kai, sai na ce e. Ta tambaye ni ko na taɓa shirya yi wa kaina wani abu, na ce a'a, tunanin ne kawai yake zuwa ya zauna. Ta ce, "Bayan al'ada fa, yana nan?" Na ce yana tafiya gaba ɗaya, har in riƙa mamakin wace ce ta yi shi.

Ta yi mini bayani a hankali. Abin da su Anti ke ji ana ce masa PMS, mata da yawa suna yi: jiki ya yi ciwo, rai ya ɗan ɓaci, amma mace tana riƙe da ragamar kanta. Akwai kuma wani da ake ce wa PMDD. Lokacinsu ɗaya, ciwon jikin ma yakan zama ɗaya, shi ya sa ake haɗa su. Abin da ya raba su shi ne ƙarfin abin da ke faruwa a rai: fushi, baƙin ciki, fargaba, ko saurin juyawa daga wannan zuwa wancan, har ya kai ga ɓata aiki da zaman gida. Ta ce sinadaran jikina na mata ba su fi na kowa yawa ba, ƙwaƙwalwata ce ba ta jure hawa da saukarsu.

"Amma ba zan yanke ba tukuna," ta ce. "Wata tana da ciwon damuwa ne kullum, gabanin al'ada ya ƙaru. Wannan daban ne. Ki riƙa rubuta yadda kike ji kowace rana, har al'ada biyu. In tunanin nan ya yi ƙarfi, kar ki jira, ki zo a ranar."

Wata biyu. Na fito ina lissafin yadda zan tsallake sati biyu na bala'i a kanta ba tare da na ajiye riga ba. Na farkon na yi shi da cizon leɓe da zaryar bayi, har Anti ta tambaya ko gudawa nake. Na biyun na kasa, na yi waya na ce zazzaɓi, na kwanta ina kallon silin. Da na koma asibiti likita ta duba abin da na rubuta a waya da sakamakon gwajin jini, ta ce shi ne. Ta rubuta mini irin maganin da ake ba masu ciwon damuwa, ta ce ga masu irin nawa yakan fara aiki cikin 'yan kwanaki, in riƙa sha daga sati biyu kafin al'ada har jini ya zo. Ta ce yana taimakon da yawa, ba kowa ba, in bai yi ba akwai wasu hanyoyin.

Na sami Anti da safe kafin a buɗe, tana jera ledojin kaya.

"Anti, alfarma nake nema. Kwanakina na ɗakin baya, a mayar min da su satin da ke gabanin al'adata. Ranar da al'ada ta zo ki sa ni a kanta, in wuni a tsaye."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Sati guda? Kowa kwana biyu, ke sati? Gobe Doguwa ta ce ita ma."

"Likita ta ce nawa ba irin naku ba ne."

"Likitoci ba sa rasa suna. Ce miki na yi ni ma ina yi."

Na gaji, wallahi na gaji da jin wannan kalmar. Ban ɗaga murya ba, ba ni da ƙarfin hakan.

"Anti, idan naki ya zo, kin taɓa tsayawa kina wa 'yarki kitso, kina tunanin da kin mutu da ta fi samun sauƙi?"

Ledar da ke hannunta ta tsaya. "Subhanallahi. Wace irin magana ce wannan?"

"Ni duk wata sai na yi. Sai jini ya zo tunanin ya wuce, in yi ta mamakin kaina."

 Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi ta mayar. Na ga tana neman inda za ta ajiye maganar a cikin abin da ta sani, ta rasa.

"A'a," ta ce a ƙarshe. "Ni nawa bai taɓa kaiwa nan ba." Ta ci gaba da jera leda. "Ba kujera. Kujera ta masu ciwon mara ce. Za ki yi guga, ki ninke, ki loda inji. Mu gwada mu gani."

Satin ya zo kamar yadda ya saba. Maganin ya sa ni tashin zuciya da farko, kuma bai share abin ba, ya dai rage masa kaifi. Tunanin mutuwar bai zo ba. Fushin ya zo, kukan ma ya zo, sai dai sun tarar da ni tsakanin kwandunan zanin gadon wani otal, kuma zanin gado ba ya mayar da magana. Ina guga hawaye na ɗiga, ina bi da dutse ina busar da su. Wajen azahar na ji wata mata tana ɗaga murya a gaba kan tabon da bai fita ba. Na riƙe bakin tebur, na ji Doguwa tana cewa, "Yi haƙuri, Hajiya, bari mu sake gwadawa." Ba wanda ya kira ni.

Da lokacin tashi ya yi ƙafafuna sun kumbura, bayana kamar ba nawa ba. Anti ta shigo ta ɗaga zanin gado ɗaya ta duba ninkin, ta dubi idanuna da suka yi ja. Ta kashe fitilar ɗakin, ta tsaya riƙe da ƙofa tana jira in ɗauki jakata.

"Gobe ki zo da wuri," ta ce. "Akwai labule."